Layi na Arba'in da Ɗaya

Yayana ya rasu ya bar littattafai bakwai. Ba na karatu ba, na bashi. Shekara ashirin da biyu yana sayar da taki da irin albasa da maganin feshi a shagonsa na Bodinga, kuma rabin kayan nan ba da kuɗi a hannu suke fita ba. Mutum ya ɗauka da damina ya biya da kaka, ya ɗauka lokacin dashen albasa ya biya idan ya cire. Duk shekarun nan ina shagon. Ni ne mai ɗaga buhu, ni ne mai awo, shi ne mai rubutu.

Boko ban wuce aji uku ba. Allo kam na ɗan taɓa. Yayana da ajami yake rubutu, ba ya sa wasali, ɗigon ma sai ya ga dama, kuma lambobinsa na Larabci ne. Duk gidanmu ba mai iya karanta hannunsa sai ni, don a kafaɗarsa na tsufa ina leƙe.

Da aka zo maganar gado, malamin da zai raba ya ce ba zai taɓa komai ba sai an kawo masa bashi a fili, wanda ake bin mamaci da wanda mamaci ke bi. Babban ɗan marigayin, wanda ke sayar da kayan babur a Sakkwato, ya ce a zuba littattafan cikin kwamfuta kowa ya gani. Ƙanwarsa malamar makaranta ce a Shagari, tana da kwamfutar tafi-da-gidanka. Aka yanke ni in karanta, ita ta buga. Ban so ba. Amma ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Ranar Asabar ɗiyar ta zo da safe, muka buɗe shagon ƙofa ɗaya. Tun rasuwar ba a shiga ba. Warin taki ya kama ko'ina, kujerarsa ta roba tana nan da lotsawar da jikinsa ya yi mata. Ba wanda ya zauna a kai. Ta ɗora kwamfutar a kan buhu biyu, ni na zauna a kan benci da littafi a cinya.

Ta nuna mini abin. Fili ne fari an tsaga shi gida-gida kamar fangalin albasa. A sama ta rubuta kan kowane jeri: littafi na nawa, shafi na nawa, suna, gari, kaya, kuɗin da aka ɗauka, abin da aka biya, saura, sai kwanan wata. Kwanan watan ma gida uku ta yi masa, rana daban, wata daban, shekara daban, don da watan Musulunci yake rubutawa, ta ce idan ta haɗa su wuri ɗaya injin zai ɗauka na Bature ne ya hargitsa mata. Gidan saura kuwa ba ita ke cika shi ba. Tana sa abin da aka ɗauka da abin da aka biya, sai lamba ta fito da kanta.

Na ce, “Wa ya gaya mai?”

Ta ce, “Baffa, ni na gaya mai tun farko. Debewa kawai shika yi.”

“To shi yi ta debewa. Ubanki da ka shika yi.”

Ta leƙo littafin sau ɗaya ta ce ita ma za ta iya karanta lambobin, ai ba wuya. Na bar ta. Ta ga zagaye ta ce sifili. Na ce biyar ce. Ta ga wata ta ce bakwai. Na ce shida ce, bakwai ga ta can mai baki sama. Ta ce to ina sifilin? Na nuna mata ɗigo. Ta duba takardar, sannan ta sa farce ta kankare wani ɗigo, ya fita.

“Wanga hwa?”

“Kashin ƙuda.”

Shekara ashirin littafi na kwance a shagon da ake ajiye dussa, ƙuda sun yi nasu rubutun. Ɗigo ɗaya ya mai da dubu biyar dubu hamsin. Daga nan muka yi doka. Ni in faɗi kuɗi da baki, ita ta buga ta maimaita mini, kuma duk ɗigon da na yi shakka in shafa shi da yatsa: tawada ta nutse cikin takarda, na ƙuda yana bisa. Idan shafi ya ƙare in tara da kalkuletar shago, ita ta tara da nata. In sun yi daidai mu wuce. In ba su yi ba mu koma.

Sunaye ma wani aiki ne. Yayana ba ya rubuta sunan yanka. Mai jan jaki na Danchadi. Gurgun Dingyadi. Tsohuwa mai daddawa. Surukin ladan. Mutum ɗaya sai ya fito da suna uku, shekarar da yake da jaki da shekarar da jakin ya mutu. Ta buɗe wani jeri ta ce in riƙa gaya mata wane ne wane, ta ba kowa lamba ɗaya, don a iya tara wa mutum bashinsa wuri guda. Wanda ya biya duka, marigayi yakan ja layi a kan sunansa. Wanda bai biya ba yana nan a buɗe.

Abin da ban zata ba shi ne nauyin kiran sunayen. Da yawansu sun mutu. Ina kira cikin shago rufaffe, tana maimaitawa, sai ka ji kamar kiran sunan 'yan makaranta, kana jiran wani ya amsa daga bayan buhuna. Sau biyu na waiwaya. Ita ba ta ɗaga kai ba, amma na lura ta daina maimaitawa da ƙarfi.

Asabar ta uku muka kai littafi na bakwai. A shafi na goma sha tara na ga abin da na san zan gani. Auta. Haka yake kirana tun ina rarrafe, har na yi furfura. Auta, injin ban ruwa ɗaya, taki buhu biyu. An biya kaza. Saura dubu tamanin da shida da ɗari biyar. Shekara biyu da suka wuce ne, da injina ya ƙone ana tsakiyar ban ruwa. Na ɗan biya, sannan albasa ta faɗi, sannan na yi shiru, shi ma bai ƙara tada maganar ba. Ba a ja layi a kai ba.

Na ɗora babban yatsana a kan layin na karanta na ƙasa da shi. Da na zo tara shafin da kalkuleta na tsallake shi. Lissafinmu ya yi daidai. Ta ce madalla. Ba zan yi wa kaina ado ba, abin da na yi ke nan. Na ce a raina da yana raye ba zai tambaye ni ba, to don me 'ya'yansa za su tambaya.

Ranar da muka yi zaton mun gama, babban ɗan ya zo daga Sakkwato. Ya ɗauki littafi na bakwai yana juyawa, irin juyin wanda ba ya gane komai amma yana so a ga ya duba. Ya wuce fararen shafuka har can ƙarshe, sai ya tsaya.

“Wanga hwa, an shigar?”

A jikin bangon baya, inda ban taɓa dubawa ba, akwai rubutu. Layi shida. Kowane layi kalma ɗaya ce, sai kuɗi, sai kwanan wata. Babu kaya, babu gari. Muka duba sauran littattafan, kowanne da nasa a wuri guda. Wani huɗu, wani takwas. Kalmar ɗaya ce ko'ina, baƙi uku ba ɗigo ba wasali: kaf, sai ɗan haƙorin nan da ɗigo ne ke nuna ko wane baƙi ne, sai nun. Yayana da baƙi ɗaya yake rubuta ka da ƙa.

Yaron ya yi allo shi ma. Ya haɗa baƙin a hankali da leɓe, sannan ya ɗago ya dube ni.

“Ƙanena,” ya ce. “Baffa, Baba na da wani ƙane bayan kai?”

Na karɓi littafin. Na duba. Wallahi ni ma ƙanena na gani. Shekara ashirin ina karanta hannun mutumin nan, kuma abin da na gani ke nan.

Na karanta su duka, tana bugawa. Layi arba'in da ɗaya. Da ta tara, gidan jimla bai nuna lamba ba, sai wasu alamomi kamar shingen kara a jere. Na ce mi ya faru. Ta ce ba komai ba ne, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan. Ta ja shi ya buɗe. Miliyan biyu da dubu ɗari uku da 'yan kai.

Na ce ban ɗauki wannan ba. Yaron ya ce shi bai ce na ɗauka ba, littafi ne ya ce, kuma ni na karanta da bakina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san ba ni da kuɗi, amma akwai fadamar da ke hannuna ta wajen Danchadi, in malam ya tabbatar sai a yi mata kuɗi. Ya ce ranar Juma'a mai zuwa za a kai wa malam takarda.

Fadamar nan ita ce abin da ubanmu ya bar mini. Da ita nake ciyar da mutum tara da rani. Ba ni da wani abu bayanta sai babur da ba ya tashi sai an tura.

Kwanakin nan ban gaya wa kowa ba, har matata. Abin da ya fi damuna ba ƙaryar ba ce, don na san ban ci miliyan biyu ba. Abin da ya dame ni, na ɓoye dubu tamanin da shida da yatsa, kafin mako ya zagayo littafin ya fito mini da miliyan biyu. Sai na riƙa jin kamar mutumin yana kallo lokacin da na ɗora yatsan. Na je fadama da hantsi ina ban ruwa da injin nan, ƙararsa ta riƙa shiga kunnena kamar ana kirana. Na kashe shi. Na zauna a bakin rijiyar har rana ta take, albasa na jiran ruwa.

Ranar Laraba ɗiyar ta kira ni ta ce in zo Shagari bayan an tashi makaranta, in zo da littattafan. Na hau mota na je. Na same ta a zauren gidan mijinta, ta shimfiɗa tabarma, kwamfutar na jone da wuta daga shagon cajin maƙwabta. La'asar ba ta yi ba tukuna, amma zauren da duhu-duhu, hasken injin ne kawai a fuskarta.

Ta ce, “Baffa, ni tun da nike ban taɓa jin Baba ya ce maka ƙanena ba. Auta shika cewa.”

Na ce haka ne.

Ta ce abu na biyu, wa ke ɗaukar bashi ba kaya? Kuma kuɗin ba su da kan gado. Dubu goma sha bakwai da ɗari uku da hamsin. Dubu arba'in da biyu da ɗari takwas. Wa zai zo ya ce a ba shi rancen haka? Irin wannan lamba ragowa ce, abin da ya saura bayan an biya wani abu. Sai ta nemi lambobin cikin jerin kuɗin da aka ɗauka, ba ta samu ba. Sai ta sa injin ya tara wa kowane mutum saurarsa wuri ɗaya, da lambar nan da muka ba kowa, ta ajiye su gefe da layukan bayan littafi, ta ce duk biyun da suka zo daidai ya shafa musu launi.

Ta juyo mini da fuskar injin. Rawaya ta cika shi.

“Karanta man ba ni iyawa,” na ce.

Ta fara. “Dubu sha bakwai da ɗari ukku da hamsin. Mai jan jaki na Danchadi. Layin baya ya ce tara ga Safar.”

Na ce Allah ya jiƙansa. A Safar ya rasu, ni da yayana muka je jana'iza a kan babur ɗaya.

“Dubu arba'in da biyu da ɗari takwas. Surukin ladan. Ashirin ga Rajab.”

Shi mota ta buge a hanyar Yabo. A Rajab.

“Tsohuwa mai daddawa. Dubu huɗu da ɗari biyu. Biyu ga watan azumi.”

Ita kam da azumi a bakinmu muka kai ta.

Ta ci gaba. Na daina cewa Allah ya jiƙansa da ƙarfi, sai a zuci. Gurgun Dingyadi. Mai rake na Horo Birni. Makaho mai igiya. Wasu lambobin sun zo daidai da mutum biyu ko uku, irin dubu goma cif, nan sai ta tambaye ni wane ne a cikinsu ba ya raye, kuma kullum ɗaya ne, kuma kullum watan ya yi daidai. Wasu ban tuna ranar ba amma na tuna lokacin, ko ana girbi ko ana sanyi. Ba ko ɗaya da ya kauce. Muna zaune a zauren mutane da rana tsaka muna kiran matattun ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, cikin tsarin da suka tafi. Wata akuya ta leƙo ƙofar zauren ta tsaya tana kallonmu, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

Na ce ta miƙo littafi na ɗaya. Na buɗe bangon baya na fita da shi bakin ƙofa wurin haske. Layin farko, tawadar ta koɗe ta zama ruwan ƙasa. Ta ɗauki hoton kalmar da wayarta ta buɗe shi da yatsu biyu har baƙi ɗaya ya cika fuskar wayar. A ƙarƙashin ɗan haƙorin nan akwai ɗigo biyu. Na shafa su a takarda. Sun nutse, ba na ƙuda ba ne. Ɗigo ɗaya a sama shi ne nun. Biyu a ƙasa kuwa harafin ya ne.

Ba ƙanena ba ne. Kaina ne.

Sau ɗaya ya sa ɗigon, ranar farko. Daga nan bai ƙara ba, tunda shi ya san abin da yake nufi.

Sai na tuna. Duk ranar da muka dawo daga jana'iza, ba ya wucewa gida. Sai ya ce, auta je ka, ina zuwa, ya buɗe shago ya shiga shi kaɗai da ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Na ɗauka kuɗin aljihun tebur yake dubawa. Kuma a wurin jana'iza, lokacin da ake tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi ya faɗa, ban taɓa jin ya yi magana ba, ko da na san akwai. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Na ce kunya za ta kashe masa shago. Yakan ce, auta, bashi ba shi da daɗin kwanciya da shi. Ashe yana dawowa ne ya ɗauke daga kan mamacin ya mayar kan kansa. Bai ja layi a kan sunansu ba, don ba su biya ba, shi kuwa ba ya rubuta abin da bai faru ba. Ya dai canza wanda ake bi.

Ɗiyar ta yi kuka kaɗan, ta share da bakin hijabi. Ni na ji kamar an sauke mini buhu. Fadamata ta dawo. Har na fara naɗe littattafan cikin ɗankwalin da na kawo su.

Ta ce, “Saura ɗaya, Baffa.”

Can ƙasa akwai layi ɗaya fari, rawayar ba ta taɓa shi ba.

“Arba'in sun samu masu su. Wanga na arba'in da ɗaya bai da kowa. Kuma shi kaɗai na babu kwanan wata. Na ɗauka ni na manta, na duba hoton shafin da na ɗauka da waya, babu. Dubu tamanin da shida da ɗari biyar.”

Na buɗe bangon littafi na bakwai. Layi na ƙarshe. Ranar da na karanta shi a shago hankalina ba ya jikina, lambar ta wuce ta bakina ban ji ta ba. Tawadarsa ta fi ta sauran baƙi, hannun ya ɗan karkace, irin na watanninsa na ƙarshe. Kaina, sai kuɗin, sai fili. Ya bar wurin kwanan watan daidai faɗin da yake bar wa sauran.

Ta ce in ba a samo mai shi ba, yayanta zai ce to wannan ɗaya dai ƙanena ne, ko ma ya ce duk dabara ce muka haɗa. Ta ce wataƙila mun tsallake wani layi a ciki, sai mun sake bin littafin shafi-shafi.

Na ce ba sai mun bi ba. Na buɗe shafi na goma sha tara na ajiye a gabanta, na nuna da yatsan da na rufe shi da shi.

“Rubuta. Auta. Injin ban ruwa ɗaya, taki buhu biyu.”

Ba ta dube ni ba. Ta buɗe sabon layi a tsakanin na sama da na ƙasa, ta buga, ta maimaita mini kamar yadda muka saba, na ce haka ne. Gidan saura ya cika kansa. Layin farin nan na ƙasa ya koma rawaya a gaban idona, ba wanda ya taɓa shi.

Mutum arba'in da ɗaya ke cikin jerin nan. Arba'in suna ƙarƙashin ƙasa.

Ta ce a hankali, “Mi za ni sa wurin kwanan wata?”

Na ce, “Bar shi yadda ya bar shi.”

Ranar Juma'a bayan an sauko muka je wurin malam, ni da ita da yayanta. An buga takardun a shagon buga takardu, shafi talatin da wani abu. Malam ya sa tabarau ya duba ɗigo biyun nan da kansa, ya bi sunaye goma cikin arba'in, wasu shi ya yi musu salla. Ya ce wannan yafewa ce, mai dukiya ya yafe da lafiyarsa, ba za a bi iyalan mutanen nan ko sisi ba, a cire su daga lissafi. Yaron ya ji kuɗi sun ragu ta gefe biyu, na wuyana da na wuyan matattu. Fuskarsa ta canza, amma ya ce Allah ya jiƙan Baba. Sannan ya ce, Baffa ka yi haƙuri. Na ce ni ma ku yi haƙuri, na gaya musu maganar yatsa da bakina kafin wani ya gaya musu. Malam ya dube ni ta saman tabarau, kallon ya ishe ni.

A kan nawa malam ya ce ko da lafiya aka rubuta ko cikin ciwon ajali, ya zauna, don bai kai sulusin dukiya ba, ni kuma ba magaji ba ne tunda akwai ɗa namiji. Ya ce an yafe mini.

Na ce ban karɓa ba.

Yaron ya ce, “Haba Baffa, ai an gama.”

Na ce yayana ba ya ɗauke wa mai rai bashi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa ba, ko na wanda ya fi ni talauci. Ya san ba zai kai ranar tawa ba, shi ya sa ya riga ya rubuta ya bar wurin. To ni ban mutu ba. A ja mini layi kamar kowane mai rai.

Kaka biyu ta ɗauke ni. Na biya da albasa, buhu-buhu, a farashin ranar. Duk biyan da na yi sai in kira ta a waya ta shigar, ta gaya mini saura. Ranar da saura ta zama sifili na je Shagari da littafi na bakwai, na ja layi a kan auta da birona a gabanta. Layin ya fito a karkace.

Na ce to ta goge na arba'in da ɗaya.

Ta ce ba za ta goge ba. Abin da ke cikin littafi shi ke cikin injin, ƙa'idarmu ke nan tun ranar farko, kuma ni na kafa ta. Ta dai cire masa launi, ta rubuta a gefe an biya. Na ce ta matsar da shi sama, ya shige cikin mutane, in daina ganinsa a gindi. Ta jera su bisa kwanan wata daga na farko zuwa na ƙarshe, yana ƙasa. Ta juya, daga na ƙarshe zuwa na farko, arba'in ɗin nan suka kife gaba ɗaya, mai jan jaki ya sauko, na ƙarshensu ya hau. Nawa bai motsa ba. Ta ce haka injin yake, duk gidan da ba komai a ciki ƙarshe yake kai shi, ta kowace fuska aka jera.

Shagon yanzu wani ya kama haya yana sayar da siminti. Littattafan suna wurina cikin akwatin ƙarfe. Ba na buɗe su. Wani lokaci idan na dawo daga jana'iza ƙafata takan bi ta gaban shagon ba da niyya ba, sai in ga na tsaya.

Na gaya wa ɗiyar, ranar da aka dawo daga tawa jana'izar, ta buɗe injin ta cika gidajen nan uku, rana da wata da shekara, da watan Musulunci kamar sauran. Ta ce in daina irin wannan magana. Na ce ba magana ba ce, aiki ne muka fara tare ba mu gama ba. Ta ce to.